Yadda malami zai sanar da ɗage karatun dare idan matsala ta auku a wurin karatu

Ina koyar da lissafi ga manya masu shirin sake rubuta jarrabawar WAEC da NECO, a wani aji da muka ara cikin wata makarantar firamare a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Muna zama Talata da Asabar, bayan sallar Isha'i, daga 8:30 zuwa 10:00. Ɗalibai 34 ne: 'yan kasuwa, teloli, masu kabu-kabu biyu, matan aure shida, da wani dattijo ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya girme ni nesa ba kusa ba.

Wata Talata, 17 ga watan Yuni, hadari ya taso daga gabas bayan La'asar da irin iskar nan ta farkon damina mai zuwa da jar ƙura kafin ruwa. Ƙarfe 4:40 mai gadin makarantar ya kira ni. "Malam, ka taho ka gani, iska ta yaye kwanon ajinku." Da wannan ranar zan yi misali, domin duk abin da malami ke bukatar ya sani game da irin wannan sanarwa ya fito a cikinta.

Ka tabbatar da idonka, amma kada ka ɓata lokaci

Abu na farko shi ne ka san ko da gaske karatun ba zai yiwu ba. Labarin waya yakan ƙaru a hanya. "Rufi ya tafi" na iya zama falle ɗaya ne ya ɗaga a gefe, kuma "ba wuta" na iya zama fis ne kawai ya ƙone. Na hau mashin na isa 5:05. Falle huɗu sun tashi daga kusurwar da allo yake, silin ya jiƙe ya yi ciki kamar zai faɗo, ruwa kwance a ƙasa, wayar da muke jona wa janareta tana reto a cikinsa. Na tambayi mai gadi ko akwai wani ajin da za a buɗe mana. Makullan sauran azuzuwan suna hannun hedimasta, shi kuma ya tafi Bodinga, sai gobe. Tambayoyin da za ka yi ke nan, guda uku ne: za a iya gyarawa kafin lokacin karatu, akwai wani ɗakin a nan kusa, kuma in an zauna babu hatsari ga kowa? In ka rasa amsa mai daɗi a kansu, ka yanke hukunci a nan take. Kada ka ce bari a gani zuwa Magariba.

Dalilin gaggawar shi ne ba ƙarfe 8:30 ne lokacinka ba. Lokacinka shi ne sa'ar da ɗalibi mafi nisa yake fitowa daga gida. Ina da mai zuwa daga Kwannawa, da mai zuwa daga Kalambaina, da mata biyu daga Arkilla. Na Kwannawa yakan taso tun kafin Magariba, ya yi sallolinsa biyu a masallacin da ke kusa da makarantar. Wato in sanarwata ta wuce 6:00, ta iske shi bisa hanya, kuɗin abin hawansa sun tafi.

Saƙo biyu ne, ba ɗaya ba

Kuskuren da na fi gani ga abokan aiki shi ne su riƙe sanarwar har sai sun samo sabuwar rana, don su aika komai a dunƙule. Samo sabuwar rana yana cin awa biyu ko uku, sai ka kira mai wuri, sai ka ji ta bakin ɗalibai. A cikin waɗannan awoyi mutane suna ta shiri suna fitowa. Saboda haka ka raba aikin. Saƙon farko aikinsa ɗaya ne tak, ya tsayar da ƙafar mai shirin tahowa. Ga wanda na tura ƙarfe 5:15, ina tsaye a bakin ajin:

"Salam. Babu karatu YAU Talata 17/6, iska ta yaye rufin aji. Kada a taho. Zan fadi sabuwar rana kafin 9 na dare. A yi hakuri. Malamin Lissafi"

Dubi abin da ya fara zuwa: babu karatu. Yawancin mutane layin farko kawai suke gani a fuskar waya, suna tsakiyar ciniki ko suna kan mashin. In ka cika layin nan da doguwar sallama da fatan an wuni lafiya da iyali, mai karatu zai ɗauka gaisuwa ce, ya ce zai duba anjima. Na san al'adarmu ba ta son a faɗa wa mutum magana ba gaisuwa, shi ya sa na bar "Salam". Cikakkiyar gaisuwa tana da wurinta a saƙo na biyu.

Na rubuta "yau", amma na haɗa da sunan rana da kwanan wata. Akwai wanda datarsa ta ƙare, sai gobe ko jibi zai buɗe waya ya ga "babu karatu yau", ya ɗauka ranar da ya karanta ake nufi. An taɓa yin haka, wani ya ƙi zuwa ranar Asabar saboda saƙon Talata.

Za ka kuma lura na rubuta "fadi" da "hakuri" ba ƙugiya. Da gangan ne. Wannan saƙon har ta SMS zai tafi, kuma saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne in haruffan boko ne na yau da kullum. Da ka sa ɗ ko ƙ ko ɓ guda ɗaya, sai ya koma 70, saƙonka ya rabu biyu ko uku, kuɗin ya ninka, a wasu ƙananan wayoyin ma harafin ya fito kamar ɗan akwati. A WhatsApp da takarda ka rubuta Hausarka daidai, a SMS ka sauke ƙugiya.

Turawa daban, isarwa daban

Cikin ɗalibaina 34, mutum 23 ne ke cikin zaurenmu na WhatsApp. Sauran 11 ƙananan wayoyi gare su. Na tura wa zaure, na tura wa goma sha ɗayan nan SMS, sannan na ƙara da saƙon murya na daƙiƙa 20 a zauren, na maimaita maganar da baki. Wanda ke kan keken ɗinki ya fi saurin danna murya ya saurara, kuma a azuzuwan yaƙi da jahilci, inda ɗalibai ba su riga sun iya karatun boko ba, muryar ce ma ainihin sanarwar.

Bayan minti 30 sai ka duba waɗanda suka gani. A WhatsApp ka danne saƙon naka, ka zaɓi Info, zai nuna maka waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka buɗe. Ƙarfe 5:45 mutum 15 ne suka buɗe nawa, takwas shiru. Su takwas ɗin da masu SMS da ba su amsa ba, kira ya kama. Kada ka bi rajista daga sama zuwa ƙasa, ka bi nisa. Na fara da na Kwannawa, na same shi yana shirin fita. Sai na Kalambaina. Sai matan aure, don fitarsu ta dare tana da shiri: an nemi izinin maigida, an bar yara wurin wata, wani lokacin an riga an yi magana da mai Keke Napep da zai kai su ya dawo da su. Na Mabera da Gawon Nama na bar su ƙarshe, har na raba lambobinsu da monita ya taya ni.

Duk da haka sai an samu wanda ba a samu ba. Waya a wurin masu caji take, ko sabis ya ɗauke bayan ruwa. Don haka na yagi falle daga littafin rajista, na rubuta saƙon da manyan baƙaƙe, na liƙa a ƙofar shiga makarantar, ba a ƙofar ajin ba, don kada wani ya ratsa cikin duhu har inda kwano da ƙusoshi suke warwatse. Na kuma roƙi mai gadi ya zauna bakin ƙofa da tocila har 9:00. Mutum biyu sun zo. Takarda a ƙofa ba ta mayar musu da kuɗin mota, amma ta fi a ce sun iske wuri rufe ba wanda zai ce musu uffan.

Zaɓen sabuwar rana

Tsarin nan ba ya canzawa: wuri tukuna, sannan ɗalibai, sannan sanarwa. Kada ka faɗi ranar da ba ka riƙe makullinta ba. Hedimasta ya ce a waya kafinta zai zo Laraba, amma ni na san alkawarin gyara da damina, ga kuma silin da sai ya bushe. Ɗagewa ɗaya mutane suna yafewa. In ka sa Laraba ka sake ɗagewa, ranar ta uku rabin ajin ba za su zo ba, suna jiran saƙon ɗagewa.

Sai na nemi wurin da ba ya jiran kafinta. Akwai Islamiyya a bayan layin, kuma Alhamis da Juma'a hutu ne a yawancin makarantun allo da Islamiyyu, ajinsu ba kowa da dare. Shugaban ya amince da Alhamis, ya ce a karɓi makulli wurin ladan. Daga nan ne na tambayi ɗalibai, kuma ban ce "wace rana ta fi muku?" ba. Tambaya irin wannan a zaure mai mutum 23 za ta haifar maka da amsa bakwai da gardama har tsakar dare. Na kira monita, da shugabar mata, da dattijon nan, na ce Alhamis bayan Isha'i, akwai abin da zai hana jama'a da yawa? Suka ce mutum uku ne: biyu suna da karatun littafi a zauren malaminsu a wannan daren, ɗaya zai yi tafiya. Uku cikin 34 abu ne da za a iya yi wa dabara.

Maganar "daren Alhamis"

A nan na taɓa ƙonewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Shekarun baya janaretanmu ya lalace, na rubuta "an ɗage karatu zuwa daren Alhamis". A raina ranar Alhamis da dare nake nufi. Amma a lissafin da muka tashi da shi dare ne ke gaba da yini: da rana ta faɗi ranar Laraba, an shiga daren Alhamis. Shi ya sa in Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da za a wayi gari Juma'a yake nufi. Dattawan ajin da matan suka zo ranar Laraba da dare, samarin da suka saba da kalandar boko suka zo Alhamis da dare. Kowa yana da gaskiya. Ina gida ranar Laraba wata ɗaliba ta kira ni: "Malam, mi yaf faru? Mun taho mun ishe ƙofa kulle, ba kowa."

Tun daga ranar ban ƙara rubuta "daren kaza" a sanarwa ba. Ina rubuta "ranar Alhamis, 19 ga Yuni, bayan sallar Isha'i, ƙarfe 8:30". Suna, kwanan wata, salla, agogo. Sallar tana da muhimmanci don da ita mutane ke auna dare, agogon kuma don masallatai ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba. Haka nan ka guji "jibi" da "gata" su kaɗai, matsalarsu irin ta "yau" ce. Kuma ka buɗe kalanda ka duba cewa ranar da kwanan watan sun dace kafin ka tura. In ka rubuta Alhamis 18 alhali 19 ce, ka sake raba ajin gida biyu.

Sai kalmar aikin kanta. "An soke" na nufin darasin ya tafi ke nan. "An ɗage" na nufin yana nan, rana ce ta canza. "An dakatar" kuwa yana sa mutane su ɗauka ajin gaba ɗaya aka rufe sai abin da hali ya yi, har wani ya fara tambayar kuɗin watansa. Ɗagewa kake yi, ita za ka rubuta.

Cikakkiyar sanarwar

Na yi alkawarin kafin 9:00, na tura 7:50:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana ɗaliban ajin lissafi, barkanmu da dare.

Karatun yau Talata, 17 ga Yuni, an ɗage shi zuwa ranar Alhamis, 19 ga Yuni, bayan sallar Isha'i, ƙarfe 8:30 zuwa 10:00. Wurin ma ya canza na wannan rana kaɗai: ajin Islamiyyar da ke bayan makarantarmu, ƙofar da ke kallon masallaci.

Dalili shi ne iskar la'asar ɗin nan ta yaye rufin ajinmu, ruwa ya shiga har kan wayar wuta. Alhamdu lillahi ba kowa a ciki, ba wanda ya ji rauni.

Ina ba ku haƙuri, musamman waɗanda suka bar sana'arsu da wuri ko suka riga suka kama hanya. Ba a ƙara ko kwabo ba, kuɗin man janareta na yau shi za a yi amfani da shi ranar Alhamis. Darasin shi ne wanda muka tsara, a taho da aikin gida. Wanda Alhamis ba za ta yiwu masa ba ya sanar da ni ni kaɗai, zan maimaita masa ranar Asabar bayan an tashi.

Karatun Asabar, 21 ga Yuni, yana nan a lokacinsa. Zan tabbatar da wurin ranar Juma'a.

Wanda ya gani ya amsa da 'na gani', ya kuma gaya wa na kusa da shi. Allah ya kiyaye gaba.

Malamin Lissafi"

Na buɗe da "iyayena da 'yan'uwana" don a ajin manya akwai wanda ya haife ka, "ya ku ɗalibai" kuma ta yi kama da hedimasta a layin safe. In matasa ne zalla 'yan shirin JAMB, "ɗalibaina" ta wadatar.

Ban haƙurin sau ɗaya ne, kuma ya ambaci abin da aka yi asara: sana'ar da aka rufe da wuri, hanyar da aka kama. A ganina wannan ya fi "ina mai matuƙar baƙin ciki da takaicin sanar da ku" sau goma. Irin wancan buɗewar ma tsorata mutane take yi, mai karatu ya ɗauka rasuwa aka yi. Jimlar "ba wanda ya ji rauni" kuma tana rage maka kira wajen ashirin, don duk wanda ya ji rufi ya tashi abin da zai fara tambaya ke nan.

Dalilin kuwa jimla ɗaya ko biyu, gaskiya, ba ɗora laifi. Na san rufin nan ya daɗe yana neman gyara, na kuma faɗa tun bara. Amma sanarwa tana yawo, wani zai tura wa wani har ta isa ga mai wurin, kai kuma aro kake. In matsalar irin wadda ba a so a bayyana ce, kamar saɓani kan kuɗin haya ko sata da ake bincike, ka ce "wata matsala ta taso a wurin karatu da ba za ta bari mu zauna yau ba" ka tsaya nan. Kada ka ƙirƙiro wani dalili, mai gadi ya san gaskiya kuma ɗalibai suna gaisawa da shi. In kuma a zauren gida ake karatun aka yi rasuwa a gidan, nan tsarin yana juyawa: ta'aziyya da addu'a su ne farko, ba ka ba da haƙuri kamar an takura wa ɗalibai ba, kuma sabuwar ranar ta wuce kwana ukun zaman makoki.

Sa hannu a ƙasa, da cikakken sunanka in saƙon gaske ne. Matar aure za ta nuna wa maigidanta saƙon nan don ta nemi izinin fita a daren da ba nata ba, ma'aikaci zai nuna wa wanda zai canza aiki da shi. Saƙon da ba suna, ba wuri, ba lokacin tashi, ba ya yi musu wannan aikin. Shi ya sa na sa 10:00 ɗin.

Ka kuma lura da layin Asabar. Duk lokacin da ka taɓa rana ɗaya, mutane suna shakkar sauran. In ba ka faɗa ba, sai an samu mai ɗauka Alhamis ta maye gurbin Asabar.

Bayan an tura

Amsoshi za su yi ta shigowa, "Allah ya kyauta", "Allah ya tsare", har sanarwar ta nutse a sama. Ka maƙala ta a saman zauren, ko ka sake turo ta da safe. Masu ƙananan wayoyi kuma a taƙaice musu: rana, kwanan wata, lokaci, wuri, suna. Ranar Alhamis da Azahar na sake tunatarwa da layi ɗaya, na canza takardar ƙofar firamare da wata mai kibiya tana nuna hanyar Islamiyya, don ƙafa takan bi inda ta saba.

Mutum 29 suka zo. Kafin na taɓa alli na sake ba da haƙuri da baki, a taƙaice, na gode wa masu wurin. Mutum biyun da suka yi zuwan banza ranar Talata na same su a gefe bayan an tashi, na miƙa musu kuɗin kabu-kabunsu daga aljihuna. Ɗaya ya karɓa. Ɗayan, tela ne daga Runjin Sambo, ya tura hannuna baya ya ce, "Haba Malam, ai ba kai ka aiko iska ba." Na tambaye shi me ya hana saƙo isa gare shi, ashe ya canza layi tun watan Azumi, lambar da ke rajistata ta mutu. A daren na zagaya da takarda kowa ya sake rubuta lambarsa da unguwarsa, da lambar wani na kusa da shi da za a iya kira in tasa ba ta shiga. Lambobi biyar ne suka fito daban da waɗanda nake da su.